Na maƙale a layi na shida: don Allah a duba mini wannan hujjar

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin manɗiƙi su taimaka mini. An ba mu jumloli huɗu, aka ce mu fito da T daga cikinsu layi bayan layi, kowane layi mu rubuta ƙa'idar da ta haife shi a gefe. Ga inda na kai:

```
1. (P ∨ Q) → R     an bayar
2. ¬R ∨ S          an bayar
3. ¬S              an bayar
4. P ∨ T           an bayar
5. ¬R              DS 2,3
6. ¬P ∨ Q          MT 1,5
```

Na san abin da nake bukata shi ne ¬P, domin in haɗa shi da layi na 4 in samu T. Amma daga layi na 6 na rasa ta inda zan ɓullo. Da zan sami ¬Q da na yi DS, wato ƙa'idar da ke cewa in an kore ɓangare ɗaya na "ko" sai ɗayan ya tabbata, na huta, to babu shi a ko'ina. Tun jiya nake juya abin. Anya tambayar ba ta da kuskure kuwa?

Jamilu: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, me zai hana ki zana jadawalin gaskiya da ƙarya kawai? Duk layin da jumlolin huɗu suka zama gaskiya ki duba T. In ya zama gaskiya a dukkansu, shi ke nan magana ta ƙare.

Rabi'atu: Na gode, amma ba shi aka tambaya ba. Cewa aka yi mu ciro sakamakon da ƙa'idoji. Sannan haruffa biyar ne fa, layi 32 ke nan.

Malam Sabo: Tambayar lafiyarta ƙalau, Malama Rabi'atu. Layinki na 5 ma daidai ne. Matsalar tana layi na 6, kuma ba wani babban abu ba ne, baka biyu ne suka faɗi a hanya.

Abin da MT, wato modus tollens, ke cewa shi ne: idan kina da sharaɗi da jawabinsa, sannan kika tabbatar jawabin bai auku ba, to sai ki kore sharaɗin. Amma sharaɗin gaba ɗayansa ake korewa, kamar yadda yake tsaye a hagun kibiya. A layi na 1 sharaɗin ba P ba ne shi kaɗai. Duk abin da ke cikin bakan nan, P ∨ Q, shi ne sharaɗi, dunƙule guda. Don haka alamar korewa a wajen baka za ta tsaya:

```
6. ¬(P ∨ Q)        MT 1,5
```

Ke kuwa da kika cire bakan sai korewar ta hau kan P kawai, ta bar Q. Ki karanta su biyun da baki ki ji bambancin. Nawa yana cewa: ba gaskiya ba ne cewa akwai ko da ɗaya daga cikinsu. Naki yana cewa: ko dai babu P, ko kuma akwai Q. Yanzu ki ƙaddara P gaskiya ne, Q ma gaskiya ne. Naki ya tsaya da ƙafarsa, saboda Q. Nawa ya faɗi. To jumlar da za ta iya zama gaskiya alhali P na nan daram, ta yaya za ta haifa miki ¬P? Shi ya sa kika ji kin tokare da bango. Ba dabara ce ta ƙare miki ba, layin ne ba ya ɗauke da abin da kike nema.

Rabi'atu: Ikon Allah. Wato ƙarya na rubuta a layi na 6?

Malam Sabo: A'a, kuma wannan shi ya sa kuskuren ke da wuyar ganewa. Abin da kika rubuta ba ƙarya ba ne. Idan jumlolin huɗu gaskiya ne, ¬P ∨ Q ma gaskiya ne, tunda a ƙarshe za mu ga P ƙarya ne. Amma abu biyu ne: na farko ba MT ce ta ba ki shi ba, don haka mai dubawa zai soke layin, na biyu ya fi abin da MT ke bayarwa rauni, kin zubar da rabin abin da kika samu. A wannan fanni bai isa layi ya zama gaskiya ba. Dole ne ki iya nuna ƙa'ida ɗaya da layukan da ta hau kansu, siffarsu ta dace da siffarta daidai wa daida.

Injiniya Kabiru: Ai da an gyara layi na 6 an gama. A sa ƙa'idar De Morgan, ¬(P ∨ Q) ya koma ¬P ∧ ¬Q, a tsinke ¬P, a yi DS da layi na 4. Layi uku. Ni ban ga abin wahala ba.

Rabi'atu: Yaya Kabiru, ba a ba mu De Morgan ba tukuna. Malaminmu ya ce duk wanda ya yi amfani da abin da ba ya cikin jerin da ya bayar, sai ya fara tabbatar da shi. Abin da ke hannunmu shi ne ƙa'idojin shigar da alama da na fitar da ita, sai MT da DS da ya ƙara mana.

Injiniya Kabiru: To wannan kam tsaurarawa ce. Abu gaskiya ne, kowa ya san gaskiya ne, a ce sai ka bi ta doguwar hanya?

Malam Sabo: Hanyarka daidai ce, Injiniya, a tsarin da ya yarda da ita. Amma doguwar hanyar ba ta wuce layi huɗu ba, kuma ita ce ke nuna dalilin da ya sa De Morgan ta zama gaskiya tun farko.

Malama Rabi'atu, kin riga kin yi rabin aikin da mutane da yawa ba sa yi, wato kin fara daga ƙasa. Kin kalli T kin tambaya ina yake, kin gan shi a layi na 4 kaɗai, kin gane cewa kafin ya fito sai an kore abokin zamansa P. Ki ci gaba da wannan tambayar mataki ɗaya. Yanzu abin nema ¬P ne. Babu layin da za ki tsinko shi kai tsaye. Duk lokacin da abin nemanki ya fara da alamar korewa kuma ba ki ga inda za ki tsinko shi ba, sai ki ƙaddara kishiyarsa, ki bi shi har ya kai ki ga jumloli biyu masu karo da juna. Ki ce: to, mu ɗauka P gaskiya ne. Sai ki duba sama, wane layi ne ba zai iya zama da P ba? Gwada, ki kawo mana.

Rabi'atu: Bari in gani. Idan P gaskiya ne, to P ∨ Q gaskiya ne, tunda ɗaya ya isa. Layi na 6 kuma ya ce ba haka ba. Kamar haka?

```
5.  ¬R             DS 2,3
6.  ¬(P ∨ Q)       MT 1,5
7.  | P            zato
8.  | P ∨ Q        ∨I 7
9.  | ⊥            6,8
10. ¬P             ¬I 7-9
11. T              DS 4,10
```

Gaskiya layi na 8 ya ɗan dame ni. Ji nake kamar na jawo Q daga iska.

Malam Sabo: Madalla, haka yake. Game da layi na 8, ki kwantar da hankalinki. Ba ki ce Q gaskiya ne ba. Wanda ya san yau an yi ruwa, in ya ce "ko an yi ruwa ko an yi iska" bai yi ƙarya ba, ya dai rage abin da ya sani ne. Ƙa'idar ta ba ki damar liƙa duk abin da kika ga dama. Gwanintar ita ce sanin abin da za a liƙa, kuma layi na 6 ne ya gaya miki: Q yake so, domin shi ne zai ba ki jumlar da ya kore, harafi da harafi.

Jamilu: Malam, ina da tambaya, wannan karon a kan ƙa'idojin ne. A layi na 8 akwai P ∨ Q, a na 10 akwai ¬P. Ashe ke nan za a iya yin DS a sami Q ma? Kamar an sami ƙari.

Malam Sabo: Na ji daɗin wannan tambayar, domin a nan ɗalibai suka fi faɗawa. Ba za a iya ba. Dubi sandar nan da ke tsaye a hagun layi na 7 zuwa na 9. Duk abin da ke bayanta aron zato yake ci. Layi na 8 bai samu ba sai don mun ce "mu ɗauka P". Da muka iso layi na 10 mun mayar da aron, mun rufe akwatin, kuma abin da ke ciki ba ya sake fitowa. Abu ɗaya kaɗai akwatin ya bar mana: labarin cewa P yana kai wa ga karo.

In kana son ganin ɓarnar da idonka, yi abin da ka ce. Ka sami Q. Daga Q ka sami P ∨ Q a fili, ba a cikin akwati ba. Ga layi na 6 kuma yana cewa ¬(P ∨ Q). Ka ga ka ciro karo daga jumloli huɗun da ba su da karo a tsakaninsu. Shaidar ba su da shi kuwa: sa P, Q, R, S duk ƙarya, T gaskiya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga huɗun duk sun tsaya. A nan ne jadawalinka na ɗazu yake da amfani, Jamilu. Ba sai ka zana layi 32 ba. In kana shakkar wani mataki, nemi layi ɗaya tak da zai sa abin da aka bayar ya zama gaskiya, abin da ka ciro ya zama ƙarya. In ka same shi, matakin ya rushe.

Ummu Hanifa: Ina bin ku tun ɗazu, kuma abin nan ya tuna mini da karatun Sullam, littafin manɗiƙi na Al-Ahdari, faslin ƙiyasul istisna'i. Abin da kuke kira MT shi ne muke cewa kore tali yana haifar da kore muƙaddam. Amma akwai inda ban gamsu ba. Mu an koya mana cewa a jumlar "ko wannan ko wancan", in ka tabbatar da ɗaya ka kore ɗayan. Adadi ko mai rabuwa biyu daidai ne ko marar rabuwa. In ka ce mai rabuwa ne, ka kore ɗayan ke nan. To me ya sa ban ga irin wannan ƙa'idar a jerinku ba? Idan da an ba Rabi'atu T, ai sai ta ce ¬P daga layi na 4.

Malam Sabo: Malama, ai a karatun naku ma an raba munfasila, wato jumlar "ko wannan ko wancan", gida uku, ki tuna. Misalin adadin da kika kawo na haƙiƙiyya ne, wadda ɓangarorinta ba sa haɗuwa kuma ba sa ɓacewa tare. Akwai mai hana haɗuwa kawai, kamar a ce wannan abu ko itace ne ko dutse: ba zai zama duka biyun ba, amma zai iya zama ba ko ɗaya. Sai ta uku, mai hana wofinta kawai, wadda ta ce ba za a rasa ɗaya ba, amma ba ta hana a sami biyun ba. Alamar ∨ wannan ta ukun ce. Don haka daga P ∨ T da T ba abin da za ki iya faɗa game da P. Sa su duka gaskiya ki gani: jumlolin biyu sun tsaya, ¬P ya faɗi.

Ummu Hanifa: Haka ne, mani'atul huluwwi. Misalin da aka ba mu shi ne "ko dai mutum yana cikin kogi, ko kuma bai nutse ba". Zai iya kasancewa a kogi kuma bai nutse ba, amma ba zai yiwu a ce ba ya cikin ruwa kuma ya nutse ba. Na tuna a cikinta korewa ce ke haifarwa, tabbatarwa ba ta haifar da komai. Na karɓa. Sai dai har yanzu ina ganin rabon nan na uku ya fi kusa da yadda mutane ke magana. In na ce wa yaro "ko ka zauna ko ka fita", ba ina nufin zai iya yin duka biyun ba.

Malam Sabo: Ban musa ba. A maganar baki yanayi ne ke nuna wace "ko" ake nufi. A rubutun alama kuwa in kina nufin mai hana haɗuwa sai ki faɗe shi a fili, ki ƙara ¬(P ∧ T) a cikin abin da aka bayar. Daga nan sakamakon da kike so zai fito, amma daga wannan ƙarin zai fito, ba daga ∨ ba.

Ɗan Baba: Ni dai wannan DS ɗin ta taɓa cutata, shi ya sa ban yarda da ita ba. Wayata ta daina caji. Na ce ko igiyar ce ko kan cajar. Na gwada igiyar a wata wayar ta yi aiki, na ce to ba ita ba ce, saura kan caja. Na nemo sabo, na jona, shiru. Ashe ramin cajin wayar ne ya cika da ƙura. To ina amfanin ƙa'idar da za ta kai mutum ga kuskure?

Injiniya Kabiru: Ɗan'uwa, ƙa'idar ba ta yi maka komai ba. Jumlarka ta farko ce ƙarya. Ka ce abu biyu ne, alhali uku ne, har ma fiye. Ita DS alƙawarinta ɗaya ne: in abin da ka zuba mata gaskiya ne, ba za ta fitar maka da ƙarya ba. Ba ta ɗauki nauyin duba ko ka lissafa dukkan abubuwan da za su iya faruwa ba. Hasali ma da sabon kan cajar ya ƙi aiki, abin da ka yi ba tare da ka sani ba irin MT ne: da lissafina cikakke ne da yanzu ta yi caji, ba ta yi ba, ashe lissafina bai cika ba. Shi ya kai ka ga ramin.

Ɗan Baba: Wannan kuma gaskiya ne, haka tunanin ya zo mini. Amma in haka ne ai aikin duk yana wajen tsara jumlar farko, ba wajen ƙa'idar ba.

Injiniya Kabiru: A gyaran na'ura haka ne. A takardar Rabi'atu kuwa an riga an ba ta jumlolin, ba a tambaye ta ko gaskiya ne ba.

Rabi'atu: Malam Sabo, na sake kallon hujjar sai na lura da wani abu. Ashe ko ba MT zan iya gamawa. In na ƙaddara P, na sami P ∨ Q, sai in haɗa da layi na 1 in sami R, ga ¬R kuma a layi na 5. Karo ya samu ba tare da layi na 6 ba. Ko na yi kuskure?

Malam Sabo: Ba ki yi ba, kuma kin gano wani abu da kanki. MT ba ta cikin tushen tsarin. Da Gerhard Gentzen ya fitar da wannan tsari a aikinsa da aka buga a 1935, ita da DS duk ba sa cikin ƙa'idojinsa na asali. Kowace alama ya ba ta hanyar shiga da hanyar fita, sauran kuma a gina su. Stanisław Jaśkowski ma ya fito da nasa tsarin a 1934, shi kaɗai, da wannan dabara ta buɗe zato a rufe shi. Su kansu siffofin hujjar sun daɗe ƙwarai, suna cikin guda biyar ɗin da Chrysippus na Girka ya ɗauka a matsayin waɗanda ba sa bukatar a tabbatar da su. Abin da ya zo daga baya shi ne nuna cewa ana iya warware su zuwa ƙananan matakai. Ga MT a warware:

```
1. P → Q      an bayar
2. ¬Q         an bayar
3. | P        zato
4. | Q        →E 1,3
5. | ⊥        2,4
6. ¬P         ¬I 3-5
```

Kin ga daidai abin da kika yi ne. Duk inda kika rubuta MT a gefe, waɗannan layuka huɗu kika naɗe a layi ɗaya. Wani abin lura kuma, layinki na 2, ¬R ∨ S, a wannan manɗiƙin daidai yake da R → S. Da haka aka rubuta shi, da layi na 5 MT za ki kira shi, ba DS ba.

Ƙaramin gargaɗi kafin ki miƙa: ki duba yadda malaminku ya rubuta DS. Wasu littattafan na hagu kaɗai suka yarda a kore a sami na dama. In haka naku yake, to a layi na 5 na dama kika kore, sai kin fara juya layi na 2 ya koma S ∨ ¬R.

Rabi'atu: Na duba, ya ba mu ta ɓangarorin biyu. To ita DS ɗin yaya ake warware ta? Na gwada, na ƙaddara P na sami karo, amma ban san yadda zan fito da Q daga nan ba.

Malam Sabo: A nan ne ake bukatar wata ƙa'ida da mutane da yawa ba sa jin daɗinta a karon farko. Fitar da ∨ yana bukatar ki bi kowane ɓangare daban, ki nuna duk sun kai ga abu ɗaya.

```
1. P ∨ Q      an bayar
2. ¬P         an bayar
3. | P        zato
4. | ⊥        2,3
5. | Q        ⊥E 4
6. | Q        zato
7. Q          ∨E 1, 3-5, 6-6
```

Ɓangaren Q ba aiki, shi ne abin nema. Ɓangaren P kuwa ya kai ga karo, kuma layi na 5 yana cewa daga karo ana iya ciro kowace jumla. Ma'anarsa a nan ita ce wannan hanya toshe take, ba wanda zai bi ta, don haka ba za ta hana sakamakon fitowa ba.

Ummu Hanifa: Tsaya, Malam. Daga karo ana iya ciro kowace jumla? Wato in mutum ya yi tufka da warwara a kan maganar ruwan sama, sai a ce ya tabbatar da cewa wata murabba'i ne? Wannan hankali bai ɗauka ba. Ni DS na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma wannan layi na 5 ban yarda ba.

Malam Sabo: To ga abin da zai ƙara ɗaure miki kai, Malama. In kin karɓi DS, kin kuma karɓi liƙawar da Rabi'atu ta yi a layinta na 8, kin riga kin karɓi wancan ɗin ba ki sani ba. Hujjar ta shahara da sunan C. I. Lewis, duk da an san ta tun ƙarnoni kafin shi:

```
1. P          an bayar
2. ¬P         an bayar
3. P ∨ Q      ∨I 1
4. Q          DS 3,2
```

Q ɗin nan kowace jumla ce, har da ta watan naki. Layi biyu kawai, kowanne da ƙa'idar da muka riga muka yi amfani da ita ɗazu. In ba ki son sakamakon, dole ki nuna layin da za ki soke.

Ummu Hanifa: Na uku zan soke. Me ya haɗa Q da P da za a liƙa shi? Tun ɗazu Rabi'atu ta ce ji take kamar ta jawo shi daga iska, kuma ina ganin jin nata yana da tushe.

Injiniya Kabiru: In kin soke na uku kin rushe hujjar Rabi'atu ke nan, da ma'anar "ko" ɗin gaba ɗaya. Ke da kanki kika ce mai hana wofinta ce. In P ya tabbata ai ba a wofinta ba. Ni a ganina ba abin sokewa. Ba a ce Q gaskiya ne ba, cewa aka yi in P da ¬P suka zama gaskiya tare to Q ma haka. Ba za su taɓa zama gaskiya tare ba, don haka ba wanda zai cutu.

Malam Sabo: Matsayin Injiniya shi ne na manɗiƙin da ake koya wa Rabi'atu, kuma shi za ta bi a takardarta. Amma ƙorafin Malama ba na wasa ba ne. Akwai masana irin su Alan Anderson da Nuel Belnap da suka dage cewa dole a sami alaƙa tsakanin abin da aka bayar da abin da aka ciro. Abin da zai ba ki mamaki shi ne ba layi na 3 suka soke ba, na 4 suka soke, wato DS ɗin da kika yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ga yadda za ki ga ƙarfin maganar. DS tana aiki ne saboda ¬P ya fitar da P daga fage, sai nauyin jumlar ya koma kan Q. To a hujjar nan P bai fita ba, yana nan a layi na 1, kuma shi ne ma ya riƙe layi na 3 tun farko. Ta ina nauyin zai koma kan Q?

Ummu Hanifa: Wannan ya shige ni. Amma in an ce DS ba ta inganta ba, yaya za a yi da dukkan wuraren da muke amfani da ita kullum kuma tana fitar da daidai? Ba zan iya cewa hujjar Rabi'atu ɓatacciya ce ba, na bi ta layi layi.

Injiniya Kabiru: Shi ya sa na ce a bar ta yadda take. Ba za a jefar da ƙa'idar da ke aiki ko'ina ba saboda halin da ba ya aukuwa.

Ɗan Baba: Ba ya aukuwa a duniya, amma a rubuce yana aukuwa. Shaidu biyu su ba da labari, ɗaya ya ce ƙofar a buɗe take, ɗaya ya ce a rufe. Mai bincike yana riƙe da maganganun biyu a takarda ɗaya, kuma ba ya cewa don haka komai ya tabbata.

Injiniya Kabiru: Domin bai ɗauki duka biyun a matsayin gaskiya ba. Abin da ya rubuta shi ne wane ya ce kaza, wane ya ce kaza. Waɗannan ba sa karo da juna.

Ummu Hanifa: Har sai ya zo yanke hukunci kuma ba shi da dalilin fifita ɗaya. Malam Sabo, kai wanne ka ɗauka?

Malam Sabo: A inda na tabbatar jumlolina ba sa karo da juna, kamar huɗun nan da muka samo musu layin da ya gaskata su duka, ina amfani da DS ba tare da ɗar ba. A inda ban tabbatar ba, ina fara neman wannan layin kafin in dogara da abin da ta fitar. Na san Injiniya zai ce wannan ba gyaran ƙa'ida ba ne, kula da abin da aka zuba mata ne, su Anderson kuma za su ce na kauce wa tambayar.

Rabi'atu: Na sake rubuta tawa da layi goma sha ɗaya, na bar MT a layi na 6 tunda an ba mu ita. Tambaya ta gaba a takardar tana da P → ¬Q da Q, ana neman ¬P. Zan iya yin MT kai tsaye, ko sai na fara mayar da Q ya zama ¬¬Q?

Malam Sabo: Jawabin sharaɗin ¬Q ne, korewarsa kuwa ¬¬Q. Tunda malaminku mai bin siffa ne harafi da harafi, ƙara layin. In ba a ba ku ƙa'idar ninka korewa ba, buɗe akwati: ƙaddara P, ciro ¬Q, ga Q a sama yana jiransa.